Na cire "look into" kamar yadda Malam ya ce, jan biro ya ƙaru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a jami'a, ina rubuta furojet da Turanci a kan yadda ƙananan 'yan kasuwa ke biyan bashin banki. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na huɗu ya sha jan biro, ya rubuta a gefe: *avoid phrasal verbs*. Na samo jerin kalmomin da ake musanyawa da su, na kwana ina canzawa. Inda na rubuta *The study looked into why traders put off paying back their loans* na mayar da shi *The study investigated into why traders postpone to refund their loans*. Da ya dawo da shi karo na biyu jan biron ya fi na farko, kuma bai ce komai ba sai alamar tambaya. Saura mako uku mu miƙa aiki. Ina kuskuren yake, kuma dole ne in cire su duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jimlarki ta farko Turanci ne lafiyayye, ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, sai dai ta sa kayan zaman gida ta tafi ofis. Ta biyun kuwa kuskure uku ne a cikinta, kuma kowanne irinsa daban. Idan kika gane waɗannan ukun, kin gane kusan duk abin da ke lalacewa wajen irin wannan musanya, don haka a kansu za mu fi daɗewa.

Abin da Malam yake nufi shi ne aikatau mai jela: gajeren aikatau irin *put*, *get*, *take*, *make*, *look*, *go*, da aka liƙa masa 'yar kalma irin *up*, *off*, *out*, *into*, su biyun suka haɗu suka ba da wata ma'ana da ba ta kowannensu ba. Mu ma muna da makamancinsa. Dubi "ci" a Hausa: ci amana, ci zaɓe, ci bashi, ci tara, ci gaba. Babu inda aka tauna wani abu. Baƙon da ya haddace cewa "ci" kalma ɗaya take nufi zai yi ta kwaɓa. *Put* da *make* su ne "ci" da "sha" na Turanci. Dalilin da ya sa ake ganin takwarorinsu masu kalma ɗaya sun fi dacewa da takarda kuwa tarihi ne: bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da kotu, Latin kuma harshen coci da ilimi. Sai Turanci ya tashi da kalmomi sahu biyu, na gida da na aro, aka bar na aron a bakin alƙalai da malamai, kusan yadda kalmomin Larabci suka zauna a bakin malamanmu.

To, ga kuskure na farko: *investigated into*. Kin cire kan kin bar jelar. *Investigate* ita kaɗai ta haɗiye *look* da *into* gaba ɗaya, abin da ake binciken yana biyo ta kai tsaye ba tare da wata gada ba. Abin da ke rikita mutane shi ne sunan da aka ciro daga wannan aikatau yana karɓar jelar: *an investigation into the matter* daidai ne, amma *to investigate into the matter* kuskure ne. Wannan cuta ta yi yawa a rubutun ofisoshinmu har kunne ya saba da ita, shi ya sa ba za ki ji ta da kunne ba sai kin neme ta da ido. Danginta su ne *discuss about* daga *talk about*, *seek for* daga *look for*, *await for* daga *wait for*, *request for* idan aikatau ne daga *ask for*, da *return back* daga *go back*. A dukkansu a yanke kalma ta biyu. Amma kada ki ɗauka doka ce marar togiya, domin akwai inda jelar ke tsira: *make up for the loss* yana komawa *compensate for the loss*, da *for* ɗinsa. Wato ba a yin hasashe, sai a duba misalin jimla a ƙamus.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa: *postpone to refund*. Kowane aikatau a Turanci yana da siffar da yake so abin da ke bin sa ya ɗauka. Wasu suna son *to*, kamar *decide to pay*. Wasu suna son *-ing*, kuma *postpone* da *delay* da *avoid* suna cikin waɗannan. Abin dariyar shi ne a jimlarki ta farko kin yi daidai, kin rubuta *put off paying*, sai da kalmar ta zama babba kika ga kamar *to* ya fi mata kyau. Jerin kalmomi ba ya gaya miki wannan, sahu biyu kawai yake ba ki, hagu da dama. Wani reshe na wannan matsala shi ne so-karɓau da ƙi-karɓau. Farashi idan ya hau da kansa, *went up*, to *rose* ne. Idan banki ne ya ɗaga shi, *put up*, to *raised* ne. Babu *the bank rose the interest*, babu kuma *the interest was risen*. Haka *come about* idan ya koma *occur*: ba a cewa *the delay was occurred*, domin ba wanda ke "aukuwar" da abu. Idan kina shakka tsakanin *rise* da *raise*, *increase* tana aiki ta fuska biyun, ki fake a bayanta.

Na ukun shi ne mafi muni, domin ya canza abin da bincikenki ke cewa. *Refund* kuɗi ne da mai sayarwa ko wata hukuma ke mayar wa wanda ya riga ya biya, kamar idan kin sayi tikiti aka fasa tafiya. Wanda ya ci bashi *repay* yake yi. Duka biyun suna zaune a ƙarƙashin *pay back* a jerin kalmomi, amma kuɗin ba hanya ɗaya suke bi ba. Har ma *postpone* ɗin, ko da kin gyara nahawunta, ba ita ce mafi dacewa ba. An fi amfani da ita ga abin da aka tsayar wa rana sannan aka ɗage, kamar taro ko jarrabawa. *Defer* kuma tana da ƙamshin cewa an ɗage ne bisa tsari, wataƙila da yardar banki. 'Yan kasuwarki jan ƙafa suke yi, kalmar jan ƙafa kuwa *delay* ce. Saboda haka jimlar da Malam yake jira ita ce:

*The study investigated why traders delay repaying their loans.*

Kalma tara ke nan maimakon goma sha biyu, kuma ba wadda ta fi ƙarfin mai karatu.

Daga nan za ki ga tsarin da ya kamata a bi. Ba daga aikatau mai jela ake tsallakawa zuwa kalma ɗaya ba; ana fara tsayawa a kan ma'ana. Dabarar da ta fi sauƙi gare mu ita ce ki faɗi jimlar da Hausa a ranki tukuna. Ɗauki *make up*. A *women made up most of the respondents* Hausarta "mata su ne mafi yawa", kalmar kuwa *constituted* ko *formed*. A *he made up the figures* Hausarta "ya ƙirƙiro alƙaluman", kalmar *invented* ko *fabricated*. A *they made up after the dispute* Hausarta "sun shirya", kalmar *were reconciled*. Ki yi tunanin wadda ta haddace cewa *make up* daidai yake da *fabricate* ta bi babi na huɗu tana sakawa: za ta zargi matan da suka amsa mata tambayoyi da ƙirƙirar mutane. A nan ma ki kiyayi *comprise*. Gaba ɗayan abu ne ke *comprise* ɓangarorinsa, *the sample comprised 97 traders*, ba tare da *of* ba. Idan hannunki na ƙaiƙayin rubuta *of*, yi amfani da *consisted of*.

*Turn down* ma haka take. Banki da ya ƙi takardar neman bashi *rejected the application*. Ɗan kasuwar da kika nemi hira da shi ya ba ki haƙuri *declined to be interviewed*. Wanda ya kafe ya ce ba zai biya ba *refused to pay*. Ba a cewa *rejected to pay*. Kuma tsakanin *declined* da *refused* akwai bambancin ladabi wanda ya kamata ya dace da abin da ya faru a fili, domin rahoto kike bayarwa a kan mutane.

Yanzu tambayarki ta biyu, ko dole ne a cire su duka. A'a. A ganina wannan umarni na "a guje su" an faɗe shi ne a dunƙule don a taƙaita magana, amma a aikace kashi uku suke.

Akwai waɗanda jelarsu ba ta aikin komai, magani shi ne almakashi, ba ƙamus ba. *Meet up with the manager* ya zama *meet the manager*. *Start off*, *finish up*, *fill up*, duk a datse. *Cope up with* da ake yawan ji a nan ma ba daidaitaccen Turanci ba ne, *cope with* ake cewa. Haka mai rufe babi da *to round up this chapter*: *round up* tattaro dabbobi ne, ko kamen masu laifi, ko cike lamba zuwa sama. Abin da yake nufi *round off* ne, a takarda kuwa *conclude*.

Akwai na hira zalla, waɗanda su ne suka jawo miki jan biro tun farko: *put up with*, *come up with*, *get rid of*, *cut down on*, *figure out*, *end up*, *go on*. Za ki lura da yawansu jela biyu gare su, kuma wannan alama ce mai kyau: idan kalma uku ce, galibi ta hira ce. Su ne ake musanyawa da *tolerate*, *propose* ko *develop*, *remove*, *reduce*, *determine*, *continue*. *End up* ita ce mai taurin kai, ba ta da takwara guda. Yawanci sai a sake ginin jimlar da *eventually*, a ce *many eventually sold their stock*.

Sai kashi na uku, waɗanda 'yan gida ne a rubutun ilimi, kuma cire su ɓarna ce. Buɗe kowace mujallar bincike ta Turanci za ki tarar da *carry out*, *point out*, *set out*, *rule out*, *account for*. Wasu ma ba su da madadin da ya yi daidai da su. *We could not rule out the effect of the rainy season* na nufin ba mu iya kore yiwuwar cewa damina na da hannu ba. Idan kika sa *eliminate*, mai karatu na iya fahimtar cewa kin yi ƙoƙarin kawar da tasirin damina ne daga lissafi, wanda wata magana ce daban. *Point out* kuma tana ɗauke da yardarki: idan kika ce wani marubuci *points out* kaza, kin amince gaskiya ya faɗa. Idan kika mayar da ita *claims*, kin sa masa alamar tambaya ba tare da kin yi niyya ba. *Notes* ko *observes* su ne suka fi kusa. A babin bitar ayyukan magabata wannan ƙaramin canji na iya juya matsayinki a kan wani masani, kuma ana iya tsare ki da tambaya a kansa ranar kare aiki. Akwai kuma irin su *depend on*, *refer to*, *result in*, *consist of*, *focus on*, waɗanda suka yi kama da masu jela amma aikatau ne kawai da harafin da ya saba tafiya da shi. Waɗannan kada ki taɓa su.

Game da *carry out* kam, malamai sun rabu. Idan naki ya ja mata layi, kada ki tsaya gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba: *conduct* tana shiga daidai idan bincike ne ko hira ko gwaji. Sai dai ba a *conduct* ɗin umarni ko tsari. *Carry out a policy* sai *implement*, *carry out instructions* sai *follow*.

Akwai wani rami a ɗaya gefen da ɗalibai ke faɗawa da zarar sun ji an ce a bar kalmomin hira, wato neman kalmar da ta fi kowace tsawo. Manufar musanyar ita ce a samu kalmar da ta fi fayyace ma'ana, kuma sau da yawa gajeruwa ce. *Go down* ba sai ta zama *plummet* ba, *fall* ta isa. *Plummet* faɗuwa ce ta rikitowa, idan ciniki ya ragu da kashi 4 cikin ɗari kika ce ya yi *plummet*, teburinki zai ƙaryata ki. *Get rid of* ba *eradicate* ba ce sai idan an tumɓuke abin har saiwa. *Find out* tana iya zama *determine*, *identify* ko *learn*, ba dole *ascertain* ba, kuma ko kusa ba *prove* ba ce, domin takardar tambayoyi 97 ba ta tabbatar da komai tabbaci na yanke. *Make use of* kuwa *use* ce kawai, a bar *utilise* ta huta. Idan kalma biyu suka yi daidai da ma'ana, ɗauki wadda ƙanwarki ta sakandare za ta gane.

Bari mu gwada a kan sakin layi irin wanda ake samu a babi na huɗu. A ce an rubuta:

*We gave out 120 questionnaires and got back 97. Many traders said they could not keep up with the repayments because the interest had gone up twice. Some brought up the problem with the bank, but their complaints were not followed up.*

Masu jela shida ke nan. *Gave out* a nan rabawa ce, ba kyauta ba, don haka *distributed*, ba *donated* ba. *Got back* za a iya cewa *received*, amma ya fi daɗi a juya jimlar a ce 97 *were returned*, kuma a kula kada *back* ta biyo. *Keep up with* Hausarta "sun kasa biya a kan kari". *Maintain* za ta yi, *meet* ta fi sauƙi kuma ita ake haɗawa da biyan kuɗi. *Gone up* ba a ambaci mai ɗagawa ba, don haka *risen*. *Brought up* a nan tayar da magana ce, ba renon yaro ba, sa'a kuma *raised* ta ɗauki ma'anar biyu. *Followed up* fa? Ki bar ta. *Pursued* tana kusa, amma ta fi dacewa da mai ƙorafin da ke bin haƙƙinsa, alhali nan bankin ne bai bibiya ba. Idan kika datse jelar kika ce *were not followed*, ma'anar ta koma ba a yi biyayya ga ƙorafin ba. Sakamakon:

*We distributed 120 questionnaires, of which 97 were returned. Many traders said they could not meet the repayments because the interest had risen twice. Some raised the problem with the bank, but their complaints were not followed up.*

Biyar sun tafi, ɗaya ta zauna, kuma idan Malam ya tambaya me ya sa, kina da amsa.

Ga yadda za ki yi da mako ukun nan. Koma kan kwafin farko, wanda ba ki taɓa ba, kada ki yi gyara a kan gyara. Ya fi sauƙi a gane ma'ana daga jimlar da ta fito daga kanki. A Word danna Ctrl+F ki nemi jelar, ba aikatau ba, domin aikatau na canza siffa, *take*, *took*, *taken*, jela kuwa ba ta canzawa. Takwas sun isa su kama mafi yawa: *up*, *out*, *off*, *back*, *down*, *into*, *over*, *away*. Sa tazara kafin kalmar a akwatin nema, in ba haka ba *out* za ta kwaso miki kowane *about* da *without*. Wannan hanya ita ce kuma ke kama waɗanda aka raba da juna, irin *put the meeting off*, da ido ke tsallakewa. Duk wadda kika samu ki shafa mata launi kawai, kada ki canza tukuna. Maɓallin Replace All kuwa ki yi nesa da shi a wannan aiki, kin ga abin da *make up* kaɗai za ta iya yi. Haka jerin takwarorin kalma da Shift+F7 ke buɗewa: yana tuna miki kalmar da kika riga kika sani, ba ya koya miki wadda ba ki sani ba.

Sannan ki bi masu launin da ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ake samu kyauta a intanet. Abu uku za ki duba. Ko an sa wa aikatau mai jelar alamar *informal*. Idan ba a sa ba kuma ba ya cikin na hira da muka ambata, akwai yiwuwar ya zauna. Sai lambar ma'anar da ta dace da jimlarki, domin wasu suna da ma'ana biyar ko fiye. Sai ki buɗe sabuwar kalmar ita ma, ki karanta misalan jimlolinta don ganin me ke bin ta, *to* ne, *-ing* ne, ko suna kai tsaye. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda kika tsallake a daren nan. Babi guda zai ci miki yamma ɗaya ko biyu, kuma za ki ga kalmomi goma zuwa goma sha biyar ne ke ta maimaituwa, da kin warware su sauran gudu ne.

Idan kin gama, sake yin Ctrl+F zagaye na biyu, wannan karon kina farautar jelar da ta maƙale: *investigate into*, *discuss about*, *comprise of*, *return back*, *emphasise on*, *seek for*. Ki nemi siffarsu ta shuɗaɗɗen lokaci ma, mai *-ed* da kuma *sought for*, tunda da ita aka fi rubuta babi na huɗu.

Kafin ki bi sauran babobin, ki gyara shafi biyu kacal ki kai wa Malam, tare da 'yar takarda mai ɗauke da waɗanda kika bari da gangan, misali *carry out*, *rule out*, *point out*, *follow up*. Ki ce, "Malam, waɗannan na bar su saboda na ga ana amfani da su a mujallu, ko akwai wanda kuke so in canza?" Tambaya ce da zai amsa cikin minti biyu a tsaye a bakin ofis, kuma duk wadda ya soke a jerin, ki canza ta a babi biyar ɗin gaba ɗaya, kada babi na biyu ya ce *conducted* na huɗu ya ce *carried out* a kan bincike guda.